Yadda ake rubuta gajeren zagaye a Python da zai fitar da lambobin da bakwai ke rabawa daga 1 zuwa 100

Aikin layi uku ne kacal, kuma duk wanda ya yi firamare ya san amsarsa tun kafin ya taɓa kwamfuta: bakwai sau ɗaya bakwai, bakwai sau biyu sha huɗu, haka har a kai 98. Wannan sanin amsar shi ya sa nake fara koyar da zagaye da shi, wato sa kwamfuta ta riƙa maimaita aiki ɗaya. Idan kwamfuta ta fitar da abin da ba daidai ba, idonka zai kama nan take. Sai dai akwai kuskure guda da bakwai ke ɓoyewa, wanda za ka iya yi kuma amsa ta fito daidai, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa idan mun zo wurin.

Ga abin da za mu rubuta gaba ɗayansa:

```python
for n in range(1, 101):
    if n % 7 == 0:
        print(n)
```

Kada ka kwafa ka manna. Ka buga shi da hannunka, harafi bayan harafi, domin rabin darasin yana cikin yatsu.

Inda za ka rubuta shi

Python 3 kake buƙata. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020, saboda haka in ka ga tsohon darasi da ke rubuta `print n` ba tare da baka biyu ba, ka san na wancan zamanin ne, ba zai yi aiki a wurinka ba. A kwamfuta, idan ka saka Python daga `python.org`, yana zuwa da wata ƙaramar manhaja mai suna IDLE. Ka buɗe ta, ka je `File`, ka zaɓi `New File`, ka rubuta layukan nan uku, ka adana fayil ɗin da suna `bakwai.py`, sannan ka danna `F5`. Wanda waya ce kawai a hannunsa, Pydroid 3 tana aiki a Android, kuma wannan aikin ba ya buƙatar data da zarar an sauke ta. In kuma ta baƙin allon umarni kake so, ka shiga inda ka ajiye fayil ɗin ka buga:

```
python3 bakwai.py
```

A Windows galibi `py bakwai.py` ake bugawa. Shi ke nan batun shiri.

Alamar saura

Zan fara da layin tsakiya, don nan ne zuciyar aikin take. Me ake nufi da cewa bakwai tana raba lamba? Ana nufin in ka kasa lambar bakwai-bakwai, ba abin da zai rage a hannunka. Ka ɗauki goro 21 ka kasa wa mutum bakwai, kowa ya samu uku, faranti ya zama wayam. Ka ɗauki 23, kowa ya samu uku, biyu su saura a faranti. Wannan abin da ya saura shi alamar `%` ke bayarwa. A lissafin kasuwa mun san ta da kashi cikin ɗari, amma a Python, idan ta shiga tsakanin lambobi biyu, ba ruwanta da kashi cikin ɗari. Tambaya ɗaya take amsawa: bayan an raba, nawa ya rage?

Kafin ka rubuta zagayen, ka gwada ta ita kaɗai. A tagar farko ta IDLE, wurin da ka ga alamar `>>>`, ka buga waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana cankar amsa a ranka kafin ka danna `Enter`:

```python
>>> 21 % 7
0
>>> 23 % 7
2
>>> 3 % 7
3
```

Na ukun nan yana ruɗa mutane da yawa. Goro uku ba za su zagaya mutum bakwai ba ko sau ɗaya, don haka ba wanda ya samu komai, duka ukun suna nan a faranti. Saura uku ke nan. Haka 1 za ta ba da 1, 2 ta ba da 2, har 6 ta ba da 6. Da an iso 7 sai saura ya faɗo sifili, 8 ta sake ba da 1, 9 ta ba da 2, a sake hawa. Saurar ba za ta taɓa kai bakwai ba, domin da ta kai sai a sake kasa wa kowa ɗaya. Tamkar kwanakin mako ne: in yau Juma'a, bayan kwana bakwai Juma'a, bayan sha huɗu Juma'a, bayan kwana sha biyar kuwa Asabar, saboda sauran ɗaya. Abin da shirinmu ke yi shi ne tsayawa a kan kowace lamba ya duba ko saurarta sifili ce.

Daga nan sai `== 0`. Alamar daidai guda biyu a jere tambaya ce: shin abin da ke hagu daidai yake da na dama? Amsarta ko `True` ko `False`, wato e ko a'a. Alamar daidai guda ɗaya kuwa umarni ce na ajiya, kamar ka ce a zuba wannan a cikin wancan. Gwada `14 % 7 == 0`, za ka ga `True`. Gwada `15 % 7 == 0`, za ka ga `False`. Kalmar `if` da ke gaban layin tana jiran wannan amsar ne. In `True` ce, sai ta bari a aiwatar da layin da ke ƙarƙashinta. In `False` ce, sai a tsallake shi.

Layin farko, da dalilin 101

Yanzu muna da hanyar gwada lamba ɗaya. Saura a samo mai miƙo mana lambobin bi da bi, don ba za mu zauna mu rubuta tambaya ɗari ba. Aikin `for` ke nan, abin da masu harkar ke kira lup, ni kuma nake cewa zagaye. `range(1, 101)` yana samar da jerin lambobi daga 1, shi kuma `for` yana ɗaukar su ɗaya-ɗaya, ya sa wa wadda ke hannunsa suna `n`, ya gudanar da duk abin da ke ƙarƙashinsa, sannan ya koma ya ɗauko ta gaba. A zagaye na farko `n` 1 ce, a na biyu 2 ce, a na ɗari 100 ce. Ba dole ne sunan ya zama `n` ba. Kana iya rubuta `lamba`, kai har da haruffa masu lanƙwasa irin su `ƙ` da `ɗ` Python 3 yana karɓa a cikin suna, in dai yadda ka rubuta a sama haka ka rubuta a ƙasa.

To me ya kawo 101 alhali ɗari aka ce? Saboda `range` ba ya haɗawa da lambar ƙarshe. Lambar farko tana ciki, ta biyu kuwa katanga ce, ana tsayawa ne a gabanta. `range(1, 5)` yana ba da 1, 2, 3, 4. Ka tabbatar wa kanka:

```python
>>> list(range(1, 5))
[1, 2, 3, 4]
```

Saboda haka in kana son 100 ta shiga cikin waɗanda za a gwada, dole katangar ta koma 101.

Ga wurin da na ce zan daɗe. Ka canza 101 zuwa 100 ka sake gudanar da shirin. Me ka gani? Amsa ba ta canza ba ko kaɗan: 7, 14, har 98. Dalili shi ne 100 ba ta rabuwa da bakwai, saurarta 2, don haka ko an gwada ta ko ba a gwada ba, ba za ta fito a allo ba. Shirin yana da kuskure, amma amsarsa daidai ce. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta `range(1, 100)`, ya ga lambobi sun fito yadda ya zata, ya tashi da yaƙinin cewa ya gane `range`. Sai ranar da aka ce ya fitar da waɗanda biyar ko goma ke rabawa, a nan asiri ke tonuwa: jerin goma ya tsaya a 90, ɗari ta ɓace, shi kuma bai san inda zai nema ba, tunda a ganinsa lamba ɗaya kawai ya canza a shirin da jiya ya yi aiki lafiya lau.

Maganin abin mai sauƙi ne, kuma ina so ya zame maka ɗabi'a. Duk lokacin da ka rubuta zagaye mai iyaka, ka gwada shi da lambar da za ta faɗa daidai kan iyakar. A nan, ka mayar da 7 ta zama 10 na ɗan lokaci. In 100 ta fito a ƙarshe, katangarka tana inda ya kamata. Ka kuma mayar da ita 1, wadda ke raba kowace lamba: ya kamata jerin ya fara da 1 ya ƙare da 100. Bayan ka gamsu sai ka dawo da bakwai ɗinka. Gwajin ba zai ci maka minti ɗaya ba.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskuren a ɗaya bakin. In ka rubuta `range(101)` da lamba ɗaya tak, Python zai fara ne daga sifili. Sifili kuwa in an raba shi da bakwai saurarsa sifili ce, don haka zai ci gwajin, ya fito a saman jerin kafin 7. A lissafi ba ƙarya aka yi ba, bakwai sau sifili sifili ne. Amma daga ɗaya aka ce a fara. Wannan dai da sauƙi, domin yana nuna kansa a layin farko na amsar.

Tazarar da ke farkon layi

Ka lura layi na biyu ya matsa ciki da tazara huɗu, na uku ya matsa da takwas. A wasu harsunan shirye-shirye wannan kwalliya ce kawai. A Python ita ce ke nuna wane layi ke ƙarƙashin wane. Ruwa biyu, wato `:` da ke ƙarshen layin `for`, yana cewa ga abin da za a riƙa maimaitawa nan tafe, kuma duk layin da ya matsa ciki a bayansa na cikin zagayen ne. Haka ruwa biyun da ke ƙarshen `if`: abin da ya ƙara matsawa ciki shi za a yi in sharaɗi ya cika. `print(n)` yana cikin `if`, shi kuma `if` yana cikin `for`, kamar ɗaki a cikin sashe, sashe a cikin gida.

Mu bi sawun shirin a hankali, yadda kwamfuta ke binsa. `n` ta zama 1. An tambaya ko `1 % 7` sifili ne. A'a, 1 ne. An tsallake `print`, an koma sama. `n` ta zama 2, haka dai. Har sau shida ana zagayawa allo bai nuna komai ba. A karo na bakwai saura ya zama sifili, `if` ya buɗe ƙofa, 7 ta bayyana. Sai shiru na wasu shida, sannan 14. Bayan 98, shirin bai tsaya ba: ya gwada 99 ya samu saura 1, ya gwada 100 ya samu saura 2, sannan lambobin `range` suka ƙare, zagayen ya rufe da kansa. An yi tambaya sau ɗari, an buga amsa sau goma sha huɗu:

```
7
14
21
28
35
42
49
56
63
70
77
84
91
98
```

In ka fi son su a layi ɗaya, ka mayar da layin ƙarshe `print(n, end=" ")`. A al'ada `print` yana sauka sabon layi bayan kowane bugu, wannan ƙarin kuwa yana ce masa ya bar tazara ɗaya a maimakon haka.

Idan jan rubutu ya fito

Kurakurai iri biyu ne a wannan aikin: masu ihu da masu shiru. Masu ihun su ne waɗanda Python ke ƙin gudanar da shirin ya fito maka da saƙo. Sabon shiga yakan firgita da su, alhali su ne masu sauƙi, don suna faɗa maka lambar layin da matsalar take. Ka fara karanta layin ƙarshe na saƙon, sannan ka duba lambar layin da ya ambata.

In ka manta ruwa biyu a ƙarshen `for` ko `if`, sababbin fitowar Python, daga 3.10 zuwa sama, za su ce maka `SyntaxError: expected ':'`. Tsofaffin kuwa `invalid syntax` kawai suke cewa, su bar ka da nema. In ka bar layi na biyu a manne da gefe bai matsa ciki ba, `IndentationError` za ka gani, tare da bayanin cewa ana jiran layi mai tazara bayan `for`. In ka sa alamar daidai ɗaya a wurin biyu, wato `if n % 7 = 0:`, nan ma `SyntaxError` ne, kuma sabon Python har yakan tambaye ka ko `==` kake nufi.

Masu rubutu a waya suna da tasu matsalar ta daban. Kibod ɗin waya yana son mayar da harafin farko babba ba tare da ka sa shi ba, Python kuwa yana bambance babba da ƙarami. `For` ba `for` ba ne, `Print` ba `print` ba ne. Na farkon zai ba ka `SyntaxError`, na biyun kuma `NameError: name 'Print' is not defined`. Ka kashe gyaran rubutu na kai tsaye a kibod ɗinka kafin ka fara, za ka huta da ɓacin rai mai yawa. Wanda kuma ya kwafo rabin shiri daga wani wuri ya ƙarasa da hannu yana iya haɗuwa da `TabError`, saboda wani layin an matsar da shi da maɓallin `Tab`, wani da maɓallin tazara. A ido iri ɗaya suke. Ka goge tazarar farkon kowane layi ka sake bugawa da hannu, huɗu da takwas.

Masu shirun su ne abin tsoro, don shirin zai gudana ba ƙorafi, amsar ce kawai ba daidai ba. Mun ga na `range(1, 100)`. Ga wasu biyu da nake yawan cin karo da su.

Na farko, a rubuta `n / 7 == 0` a maimakon `n % 7 == 0`. Alamar `/` rabawa ce ta gaske, tana ba da abin da kowa ya samu, ba abin da ya saura ba. `21 / 7` zai ba ka `3.0`. Tunda babu wata lamba daga 1 zuwa 100 da za a raba da bakwai a samu sifili cif, sharaɗin ba zai taɓa cika ba. Alamarsa ita ce shirin ya gama, allo fayau, ba saƙon kuskure, ba lamba ko ɗaya.

Na biyu, a bar `== 0` gaba ɗaya, a rubuta `if n % 7:` kawai. Python yana karɓar wannan, domin a wurinsa sifili daidai yake da a'a, kowace lamba da ba sifili ba kuma daidai take da e. Sakamakon sai ya juye: duk lambar da ke da saura za ta fito, waɗanda muke nema su ne za a tsallake. Za ka ga 1, 2, 3, 4, 5, 6, 8, 9, dogon jeri mai lambobi 86. Da ka ga an tsallake 7 da 14, ka san inda za ka duba.

Ka sa shirin ya binciki kansa

Da lambobi sha huɗu ido ya isa bincike. Amma in aka ce daga 1 zuwa dubu goma fa? Gara ka koyi tabbatarwa ta lissafi tun yanzu da abin yake ƙarami. Python yana da wata alamar rabawa, `//`, wadda ke ba da cikakken kason kowa ta watsar da saura. `100 // 7` yana ba da 14, wato bakwai ta shiga ɗari sau goma sha huɗu, da saura 2. Kwana ɗari mako sha huɗu ne da kwana biyu. Don haka tun kafin gudanar da shirin mun san lambobi sha huɗu ya kamata su fito. Jimlarsu ma ana iya sani: in ka tara 1 zuwa 14 za ka samu 105, sau bakwai 735. Mu sa shirin ya ƙirga ya kuma tara, mu ga ko zai dace:

```python
adadi = 0
jimla = 0
for n in range(1, 101):
    if n % 7 == 0:
        adadi += 1
        jimla += n
print(adadi, jimla)
```

Ya kamata ka ga `14 735`. Alamar `+=` tana nufin a ƙara wannan a kan abin da ke ciki. Wannan sigar tana koyar da tazara fiye da ta farko, don layi ɗaya yana iya zama a wurare uku, kowanne da ma'anarsa. Yadda yake yanzu, `print` yana manne da gefe, a wajen zagayen, don haka sau ɗaya zai yi magana bayan an gama komai. Ka matsar da shi ciki da tazara huɗu: ya shiga zagayen amma bai shiga `if` ba, zai buga layi ɗari. Ka matsar da shi takwas: ya shiga `if`, zai buga layi sha huɗu, kana kallon jimlar tana hawa, `1 7`, sannan `2 21`, sannan `3 42`, har `14 735`. Ka gwada duka ukun. Ba na jin akwai bayanin da zai zaunar maka da batun tazara kamar ganin wannan da idonka.

Ka kuma kula da inda `adadi = 0` da `jimla = 0` suke. Suna sama, kafin zagayen. In ka shigar da su ciki, a kowane zagaye za a share abin da aka tara a koma sifili, kamar mai awo da ke zubar da mudu duk lokacin da aka ƙara masa hatsi. Tunda 100 ce ta ƙarshe kuma ba ta ƙara komai, `0 0` za ka gani a allo.

Hanyar tsalle

Mai lura zai ce, tunda mun san bakwai-bakwai suke tafiya, me ya sa za mu tsaya gwada lambobi ɗari? Gaskiyarsa. `range` yana karɓar lamba ta uku, wadda ke nuna faɗin taku:

```python
for n in range(7, 101, 7):
    print(n)
```

A fara daga 7, a riƙa tsallen bakwai, a tsaya kafin 101. Zagaye sha huɗu ne maimakon ɗari, babu `if`, babu `%`, amsa kuma iri ɗaya. A lambobi ɗari ba za ka ji bambancin sauri ba, amma in iyakar ta kai miliyoyi, zagayen wannan kashi ɗaya cikin bakwai ne na wancan.

Duk da haka ba na barin mai koyo ya fara da ita, kuma ga dalili. Wannan hanyar ba ta gwada komai. Ta dogara ne kacokan a kan cewa ka ɗora ƙafarta ta farko a wurin da ya dace. Ka rubuta `range(1, 101, 7)`, wanda hannu ke saurin bugawa tunda an ce daga ɗaya, sai ka samu 1, 8, 15, 22, har 99, babu ko ɗaya da bakwai ke rabawa. Ko a ce maka yanzu daga 50 zuwa 100 ake so. A shirin farko, 1 kawai za ka mayar 50, sai 56, 63, har 98 su fito. A hanyar tsalle in ka mayar da farkon 50, za ka samu 50, 57, 64, duk ba daidai ba, sai ka zauna ka lissafo 56 da kanka tukuna. Haka kuma in lambobin ba a jere suke ba, misali jerin kuɗaɗe ne ko shekarun mutane da aka ba ka, tsalle ba shi da amfani, amma `%` zai yi aikinsa a kan kowace lamba aka miƙo masa. Shawarata, ka riƙe ta farko a matsayin makaminka na kullum, ka ɗauko ta tsalle idan jerin a tsare yake kuma ka tabbata da mafarinsa.

Da `while`, don ka ga abin da `for` ke ɗauke maka

Akwai wani nau'in zagaye da ke ci gaba muddin wani sharaɗi yana nan:

```python
n = 1
while n <= 100:
    if n % 7 == 0:
        print(n)
    n += 1
```

A nan kai ke sa mafari, kai ke sa iyaka, kai kuma ke tura `n` gaba. Alamar `<=` tana nufin ƙasa da ko daidai da, don haka 100 tana ciki, ba sai an rubuta 101 ba. Haɗarin yana layin ƙarshe. In ka manta `n += 1`, `n` za ta zauna a 1 har abada, sharaɗin ba zai taɓa karyewa ba. Haka in ka matsar da layin ya shiga ƙarƙashin `if`: tunda 1 ba ta rabuwa da bakwai, ba za a taɓa isa gare shi ba. A duka biyun allo ba zai nuna komai ba, kuma shirin ba zai dawo maka da wurin rubutu ba. Nan ne bambancinsa da kuskuren `/` na ɗazu: wancan ya gama ne shiru, wannan kuwa bai gama ba, yana ta juyawa a wuri ɗaya, in a waya ne ma kana iya jin ta fara ɗumi. Ka danna `Ctrl` da `C` tare, zai tsaya ya rubuta `KeyboardInterrupt`. A Pydroid 3 ka fita daga baƙin allon ka koma wurin rubutu. Sannan ka dawo da `n += 1` daidai saitin `if`, tazara huɗu daga gefe.

Abu na ƙarshe da za ka gwada shi ne ka bar mai amfani da shirin ya zaɓi iyaka da kansa:

```python
iyaka = int(input("Har zuwa nawa? "))
for n in range(1, iyaka + 1):
    if n % 7 == 0:
        print(n)
```

`input` rubutu yake dawowa da shi ko da lamba aka buga, shi ya sa aka naɗe shi cikin `int`, wanda ke mayar da rubutun lamba. In ka cire `int`, `TypeError` za ka samu a layi na biyu, don ba a tara rubutu da lamba. Shi kuma `iyaka + 1` shi ne 101 ɗinmu na ɗazu a sabuwar riga. Ka gudanar da shi ka buga 100, ka ga sha huɗun da ka sani. Sannan ka sake gudanarwa ka buga 98. In 98 ta fito a ƙarshen jerin, iyakarka daidai take. Yanzu ka cire `+ 1`, ka sake buga 98, za ka ga jerin ya tsaya a 91.